Kashfin dila ya zarce littafina da riyal 12,260: wanne zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan abinci a Misfala, nan Makka, kuma wajen wani dila na Jidda nake ɗaukar shinkafa da mai da sukari a kan bashi. Kashfin hisabin da ya aiko na ƙarshen wata, wato takardar lissafin bashi, ya ce yana bi na riyal 49,060, littafina kuma 36,800 ya nuna. Mandub ɗinsu, wato wakilinsu, ya ce in ban cika ba, ba za a sauke min kayan azumi ba. Ga hotunan kashfin da na littafin nan na haɗo. In biya a wuce wurin, ko in tsaya a kan lissafina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya ko ɗaya daga cikin adadin nan biyu tukuna, domin na zauna da hotunan da ka aiko, kuma kowane ɓangare akwai gyara a cikinsa.

Abin da na fara dubawa shi ne layin farko, wato bashin da aka shigo da shi daga watan baya. Naka da nasu sun zo daidai, alhamdu lillahi, saboda haka duk saɓanin a cikin wannan wata yake. Da a ce nan ma akwai bambanci, sai mun koma baya har watan da kuka yi daidai na ƙarshe, mu taso daga can. Daga nan na bi kashfin layi-layi, ina haɗa kowace fatura, wato takardar kuɗin kaya, da 'yar'uwarta a littafinka ta lamba da kwanan wata da kuɗi. Wadda ta dace in yi mata alama a takardun biyu. Kada ka riƙa haɗawa da kuɗi kawai, domin mai sayen kaya iri ɗaya kowane mako faturorinsa sukan zo da adadi ɗaya. Layuka biyar ne suka rage ba alama.

Biyu daga ciki ba su da wuya. Tahwil ɗin riyal 5,000 da ka yi ranar 30 ga wata, wato kuɗin da ka tura ta banki, bai fito a kashfinsu ba, kuma mafi kusa shi ne an rufe kashfin kafin akawunsu ya shigar da shi. Tura musu rasit ɗin banki, ka tabbatar ya fito a kashfi na gaba. Na biyun kuwa a littafinka yake: fatura ta riyal 1,840 an rubuta ta 1,480. Bambancin 360 ne, kuma ya rabu da tara ba saura. Duk lokacin da ka ga giɓi ya rabu da tara, fara zargin an juya lambobi biyu wajen rubutu. Wannan 360 haƙƙinsu ne, ka ƙara shi.

Inda nake so ka natsu shi ne riyal 3,450 da ya fito sau biyu a kashfinsu, kwana biyu tsakani, alhali sau ɗaya yake a littafinka. Lambobin layukan sun bambanta, shi ya sa ido ke wucewa. Amma dubi siffarsu: ɗaya tana da tsawon sauran lambobin fatura, ɗayar kuma gajera ce, irin ta takardar sauke kaya da direba ke ba yaronka ya sa hannu. Haka maimaici ya fi faruwa. Ana shigar da kaya ranar da mota ta fita da lambar takardar saukewa, sai fatura ta fito a sake shigarwa. Ban yanke hukunci cewa maimaici ne ba, zato ne mai ƙarfi, kuma hanyar tabbatarwa ɗaya ce: su kawo takardun saukewa guda biyu, kowacce da sa hannun shagonka ko hatiminsa. In ɗaya suka iya kawowa, sau ɗaya kaya suka sauka.

Yadda za a gyara ya danganta da abin da aka tarar. In layin kashfi ne kawai aka maimaita, akawunsu zai soke shi. In kuwa fatura biyu suka fitar da gaske, ba a goge fatura yanzu. Tun ranar 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastam, ZATCA, ta wajabta wa masu rajistar dariba, wato harajin VAT, fitar da fatura ta na'ura, kuma wadda ta riga ta fita sai dai a warware ta da takardar ragi, wadda suke kira ish'ar da'in, mai ɗauke da lambar faturar asali. Saboda haka in mandub ya ce maka "khalas, mun cire," ka roƙe shi takardar. Maganar baki ba ta rage ko halala ɗaya a na'urarsu, kuma mandub yakan canza wurin aiki ya bar ka da bashin.

Wannan takarda ita ce kuma maganin layi na huɗu, katan-katan ɗin man da suka zo a fashe ka mayar. Kai ka riga ka cire riyal 1,150 daga littafinka, su ba su cire ba. Ka yi daidai da ka haɗa da dariba, domin kayan 1,000 ne, kashi 15 cikin ɗari kuma 150, kuma dole ragin ya zo da duka biyun. Abin da ban gani a hotunan ba shi ne shaidar mayarwar. In direba ya sa hannu a takarda lokacin da ya kwashe su, magana ta ƙare. In bai sa ba, nemo hoton katan-katan ɗin ko saƙon da ka tura wa mandub a ranar, ka yi magana da su cikin lalama, domin a nan hujjarka ba ta kai ta sauran ƙarfi ba.

Na biyar ba zai yi maka daɗi ba. Akwai fatura ta riyal 2,300 a kashfinsu da babu ita sam a littafinka. Kafin ka ce ba taka ba ce, tambayi yaran shago ko an sauke kaya ranar ba ka nan, ka duba aljihun tebur da ƙarƙashin ma'auni, inda irin waɗannan takardu ke maƙalewa. Nemi kwafinta tare da takardar saukewa. Wani lokaci ta wani shagon ce mai suna kusa da naka aka ɗora maka, sa hannun zai nuna. In ta tabbata taka ce, shigar da ita ka biya, haƙƙin mutane ne. In kuma kana da rajistar dariba, sai da wannan fatura a hannu za ka iya cire riyal 300 na daribarta daga abin da za ka biya hukuma.

To ga yadda lissafin ya tsaya. Daga nasu 49,060 cire 5,000 da 3,450 da 1,150, saura 39,460. A kan naka 36,800 ƙara 360 da 2,300, ya zama 39,460. Tunda ɓangarorin biyu sun haɗu a adadi ɗaya, babu wani abu da ya rage a ɓoye.

Shawarata, ka biya abin da lokacinsa ya yi daga cikin riyal 37,160 da babu gardama a kansa, ka riƙe 2,300 har ka ga takardar saukewa. Ka yi ta banki, sannan ka aika wa akawunsu kai tsaye, ba ta hannun mandub kaɗai ba, jerin lambobin faturorin da kuɗin ya biya. Wannan jerin yana da muhimmanci, domin in ka tura kuɗi a dunƙule sukan ɗora shi a kan mafi tsufan bashi, ya haɗiye har layin da kake jayayya a kansa. A ƙasan jerin rubuta layuka huɗun da kake jiran amsarsu da takardar da kake nema a kan kowanne, ka roƙi sabon kashfi bayan gyara. Dilan da ya ga kuɗinsa sun shigo, ga kuma bayani a rubuce, da wuya ya hana ka kayan azumi. Allah ya sa albarka a kasuwa.