Yadda ake karanta naget, sil da renji kafin a amince da taswirar kirigin ta fosforas

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar ƙasar noma a Samaru. Na ɗebi samfurin ƙasa 120 a wata gonar masara da ke wajen Shika, da tazarar mita 50 tsakanin kowane biyu, aka auna mini fosforas da hanyar Bray-1. A `gstat` na manhajar R na samu `Nug` 4, sannan `Sph` mai `psill` 8 da `range` 240. Taswirar ta fito da kyau, amma ban san abin da lambobin nan suke nufi ba. Shin zan iya dogara da ita wajen raba taki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kyan taswira ba hujja ba ne, domin kirigin, wato lissafin ƙiyasta wuraren da ba a auna ba daga samfuran da ke kewaye da su, yana fitar da taswira mai santsi da launuka ko da samibariyogiram ɗin da aka ba shi gurgu ne, saboda haka daga samibariyogiram ɗin za mu fara.

Abin da yake aunawa ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaukar kowane samfuri biyu da ke da wata tazara a tsakaninsu, a cire sakamakon ɗaya daga na ɗayan, a ninka bambancin da kansa, a tara na dukkan ma'auratan da ke wannan tazarar, a fitar da matsakaici, sannan a raba biyu:

γ(h) = Σ [z(x) − z(x+h)]² / 2N(h)

Idan aka maimaita wannan a tazarar mita 50, da 100, da 150 har zuwa gaba, za a samu ɗigogin da ke nuna yadda ƙasa take daina kama da maƙwabciyarta yayin da ake nisa. Layin `Sph` da na'ura ta ɗora a kan ɗigogin nan shi ne ya ba ki lambobinki uku.

Sil shi ne matakin da layin yake kaiwa ya kwanta, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, domin `psill` ba shi ne sil duka ba. Sil ɗinki shi ne naget a haɗa da `psill`, wato 4 da 8, ya zama 12. Ki duba `var` na sakamakonki 120, ya kamata ya faɗo kusa da wannan lamba, ko da bai yi daidai da ita ba. Renji kuwa shi ne tazarar da layin ya kai sil, wato mita 240 a gonarki, kuma ma'anarsa ita ce samfuri biyu da suka fi haka nisa ba su da wani labarin juna. Wannan adadi ya kwanta mini, domin in layi 12 ne a kan 10 kika jera, gonar ta kai mita 550 a kan 450, kusurwa zuwa kusurwa wajen mita 710, kuma al'adar masu wannan aiki ita ce kada a amince da ɗigogin da suka wuce rabin wannan, wato wajen mita 350. Renjinki yana ciki, ya kuma ninka tazarar samfurinki kusan sau biyar. Sai dai ki riƙe cewa wannan fassara ta `Sph` ce kawai, domin da `Exp` kika zaɓa, sai kin ninka lambar `range` sau uku kafin ki samu tazarar da layin yake kusantar sil.

Naget ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Sunan daga haƙar zinariya ya fito, inda Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu, ya fara wannan lissafi a 1951, kafin Georges Matheron na Faransa ya tsara shi a shekarun 1960. A mahaƙa, samfuri ɗaya kan faɗa a kan dunƙulen zinariya, na kusa da shi kuma ya fito wayam. Fosforas a gonakinmu haka yake yi, domin ba ya yawo a cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan yake zama. Manomi ya tona gindin masara a kan kunya ya zuba ɗan taki ya rufe, sai ki tarar ƙasar wannan gurbin ta sha bamban da ta kwarin kunyar, alhali tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba. Haka nan inda aka taɓa jibge takin gida kafin a watsa, da gindin suri, da inda aka ƙona karan dawa. Duk wani bambanci da ke faruwa a ƙasa da mita 50, tare da kuskuren awo a ɗakin gwaji, cikin naget suke taruwa, kuma samibariyogiram ba zai iya raba miki su ba.

Ga abin da ya fi damuna a lambobinki. Wannan 4 ba auna ta kika yi ba, na'ura ce ta hango ta. Ɗigonki na farko yana kan mita 50, inda layin yake ba da wajen 6.5, a mita 120 ya ba da 9.5, a mita 240 ya kai 12. Daga mita 50 zuwa sifili ba ki da ɗigo ko ɗaya, layi ne kawai aka ja har ya taɓa bango. Da za ki canja `Sph` zuwa `Exp`, za ki ga naget ya sauka, ba tare da ƙwayar ƙasa ɗaya ta canja a gonar ba.

Domin ki ga tasirin wannan a taswira, mu ɗauki wani wuri da ba ki auna ba, mai samfuri biyu kacal a gefensa biyu, ukun a kan layi ɗaya: na farko yana nisan mita 50 da miligiram 14 a kilo, na biyu yana nisan mita 120 da miligiram 8. Tsakanin samfuran mita 170 ke nan, inda layin yake ba da wajen 11.1. Nauyin da kirigin zai ba na kusa shi ne

w = 0.5 + (9.5 − 6.5) / (2 × 11.1) ≈ 0.64

na nesa kuma ya samu 0.36, sai ƙiyasin ya fito 11.8. Da naget sifili ne, sil yana nan 12, nauyin na kusa zai hau zuwa 0.71, ƙiyasi ya zama 12.3. Da kuwa duka 12 ɗin naget ne, kowanne rabi zai samu, a tashi da 11, wato matsakaici kawai, wanda ko ba kirigin za ki iya fitarwa da alƙalami. Gwargwadon girman naget, gwargwadon yadda kirigin yake daina fifita maƙwabci na kusa, taswira ta lafe, wurare masu yawan fosforas su ragu a ido, masu ƙaranci kuma su ɗaga. Wannan na biyun shi ne haɗari ga mai raba taki, domin wurin da ya fi yunwa zai fito kamar yana da ɗan abin da zai ci.

Rabon naget da sil a wurinki 4 ne cikin 12, kashi 33 cikin ɗari. Bisa rabe-raben Cambardella da abokan aikinta na 1994, ƙasa da kashi 25 alaƙa ce mai ƙarfi, 25 zuwa 75 matsakaiciya, sama da 75 kuma mai rauni, saboda haka taki matsakaiciya ce. Wanda ya raba 4 da 8 zai samu kashi 50, kuma kuskure ne da nake yawan gani a rubuce-rubucen ɗalibai. Ni dai ban cika jingina da wannan rabo ba, tun da lambar da ke samansa hange ce. Abin da ya fi amfani shi ne ki mayar da naget ma'aunin da kika sani: √4 = 2, wato a duk wani gurbi da ba ki auna ba, kuskuren ƙiyasi da ake sa rai ba zai gaza wajen miligiram 2 a kilo ba. In iyakar da kike raba mai buƙatar taki da marar buƙata ita ce miligiram 10, misali, wurin da taswira ta ce 11 bai tsallake ba.

Kafin ki amince da lambobin ukun, ki dubi sakamakon ɗaya bayan ɗaya. Tun da ana ninka bambanci da kansa, samfuri guda da ya faɗo a mashekari, inda shanu suka kwana rani guda, yana iya ɗaga samibariyogiram ɗin duka. Idan sauran suna tsakanin 5 da 15 shi kuma ya ba da 45, bambancinsa da maƙwabci mai 10 shi ne 35, wanda in an ninka ya zama 1,225, alhali bambancin 4 da aka saba 16 kawai yake bayarwa. In irin waɗannan suna da yawa har sakamakon ya karkata gefe guda, ki yi aikin da `log(P)`, ki kuma kula wajen mayar da ƙiyasin ma'auninsa na asali, domin `exp` shi kaɗai tsakiya yake bayarwa, ba matsakaici ba. In ɗaya ne tak, ki koma gonar ki tambayi mai ita tarihin wurin kafin ki yanke shawarar cire shi. Ki kuma dubi ɗigogin da idonki, kada ki tsaya ga layin. Gonaki da yawa a ƙasar Zazzau suna gangarawa daga tudu zuwa fadama, kuma in fosforas yana bin gangaren, ɗigogin za su ci gaba da hawa ba su kwanta ba, na'ura kuma ta ƙirƙiro miki sil da renji da babu su. A irin wannan hali sai a cire gangaren tukuna, a lissafa samibariyogiram a kan abin da ya rage. Na taɓa karɓar aikin da renjinsa ya fito 0.002, ashe digiri aka shigar a maimakon mita, saboda haka ki tabbata wurarenki suna kan `EPSG:32632`, wanda Zariya take cikinsa.

Gwajin da zai faɗa miki ko layin ya dace shi ne a riƙa cire samfuri ɗaya ana ƙiyasta shi da sauran 119:

```r
v  <- variogram(P ~ 1, gona, cutoff = 350, width = 50)
m  <- fit.variogram(v, vgm(8, "Sph", 240, 4))
cv <- krige.cv(P ~ 1, gona, model = m)
mean(cv$residual); mean(cv$zscore^2)
```

Lamba ta farko ana so ta kusanci sifili, ta biyu kuma ta kusanci 1. In ta biyun ta kai 1.8, misali, kirigin yana raina kuskurensa ke nan, taswirar `var1.var`, wato ta kuskuren da kirigin ya ƙiyasta wa kansa, tana nuna tabbacin da babu shi.

Game da raba taki, samfuri 120 ya haura ɗarin da Webster da Oliver suka nuna a 1992 cewa shi ne mafi ƙarancin abin da samibariyogiram yake buƙata, kuma in gwajin nan ya fito daidai, taswirarki ta isa a raba gonar gida biyu ko uku manya, kowanne mai faɗin mita ɗari ko fiye. Ba ta isa a ce wannan kunya a zuba mata, waccan a tsallake ta ba. Abin da zan so ki yi kafin damina ta sauka a sake zuba sabon taki shi ne ki zaɓi goma daga cikin wuraren da kika riga kika ɗiba, ki ƙara samfuri a nisan mita 2, da 10, da 25 daga kowanne, a zurfi ɗaya da na farko kuma a ɓangare ɗaya na kunya. Samfuri 30 ke nan, kuma su ne za su cike giɓin da ke tsakanin sifili da mita 50, muddin kin rage `width` zuwa 10 ko kin ba da `boundaries` domin su fito a matsayin ɗigogin kansu. Sannan ki raba samfuri goma gida biyu-biyu, ki ba su lambobi dabam, ki kai ɗakin gwaji ba tare da kin faɗa ba. Rabin matsakaicin bambancinsu da aka ninka da kansa shi ne kason ɗakin gwaji a cikin naget. In ya fito 1, sauran 3 na gonar ne, kuma maganinsa shi ne a riƙa haɗa ɗiba biyar ko fiye a kowane wuri a gauraya su zama samfuri ɗaya. In kuwa ya kusanci 4, matsalar tana ɗakin gwaji, kuma sake auna samfuran da ke hannunki zai fi miki amfani a kan komawa Shika ki ɗebo sababbi.