Injin na gudu, amma loga na nuna lilo a hankali: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa loga, wato na'urar ajiye awo, da Arduino da sensar ADXL345 don sa ido kan girgizar motar famfon ruwa mai juyi 2,880 a minti. Ina ɗaukar awo 50 a sakan. Jadawalin na nuna lilo sau biyu kawai a sakan, alhali da hannu ina jin injin na karkarwa da sauri. Sensar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sensarka lafiyarta ƙalau, saurin ɗaukar awonka ne ya gaza. Raba 2,880 da 60, ka samu juyi 48 a sakan, wato 48 Hz. Duk lokacin da logarka ta leƙa, sandar motar ta kusa kammala zagaye guda, saura kashi 4 cikin 100. Wannan ɗan gibin ne ke taruwa, sai bayan awo 25 ya cika zagaye ɗaya, kai kuma ka ga lilo biyu a sakan wanda babu shi a jikin injin. Haka tayar mota take yi a bidiyo, ka gan ta kamar tana juyawa baya alhali motar na sheƙa gudu. Injiniyoyi na kiran wannan aliyasin, kuma lissafinsa ke nan, inda `f` ita ce girgizar gaske, `fs` saurin ɗauka, `k` kuma cikakkiyar lambar da ta ba da amsa mafi ƙanƙanta:

```
f_alias = | f - k * fs |
        = | 48 - 1 * 50 | = 2 Hz
```

Ka'idar, wadda ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon, ita ce dole saurin ɗauka ya zarce ninki biyu na girgiza mafi sauri da ke isowa ga na'urar. Da awo 50 a sakan ba ka iya ganin gaskiyar komai da ya wuce 25 Hz. Abin da ya wuce hakan kuma ba ɓacewa yake yi ba, dawowa yake ƙasa da wata kama, kuma da zarar ya shiga katin SD babu manhajar da za ta raba shi da motsin gaske. Wannan ne abin tsoron, don mutum na iya kwance gindin famfo yana neman sassauci a inda babu.

Gwajin tabbatarwa mai sauƙi ne. Ka mai da saurin 45 a sakan: lilon zai koma 3 Hz. Ka mai da shi 40: zai koma 8 Hz. Girgizar gaske ba ta sauya wuri don ka sauya saurin ɗauka, ta bogi ce kaɗai ke yawo.

Gyaran yana cikin sensar. ADXL345 tana fitowa daga kamfani tana awo 100 a sakan, tana barin girgiza har wajen 50 Hz ta wuce, to 48 ɗinka na shigowa, kai kuma kana ɗaukar ɗaya kana zubar da ɗaya. Ka ɗaga saurinta zuwa 800 ta rijistar `BW_RATE`, ka sa I2C a 400 kHz:

```
Wire.setClock(400000);
Wire.beginTransmission(0x53);
Wire.write(0x2C);
Wire.write(0x0D);
Wire.endTransmission();
```

Sannan ka karanta kowane awo, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka rabu da `delay()`, ka riƙa kwasa daga `FIFO` ɗin sensar, wadda ke riƙe awo 32. A wannan saurin milisakan 40 kacal take cika, katin SD kuwa wani lokaci yakan tsaya fiye da haka yana rubutu, sai awo ya zube ba ka sani ba. Shi ya sa na fi son a tara awon a ƙwaƙwalwa tukuna, a rubuta daga baya. Arduino Uno tana da 2 KB ne kawai, don haka ESP32 ta fi dacewa da aikin: sakan biyu na kusurwoyi uku bait 9,600 ne, a ɗauka duk bayan minti goma. Sakan biyun na da dalili, shi ke ba ka tazarar 0.5 Hz a jadawalin FFT, mai rarraba girgiza gwargwadon saurinta, har ka iya raba 48 na juyin mota da 50 na wutar lantarki.

Me ya sa 800, ba 100 ba, tunda 100 ya haura ninki biyu na 48? Saboda injin ba girgiza ɗaya yake yi ba. Idan sandar mota da ta famfo ba su yi saiti ba, sau da yawa alamar na fitowa a 96 Hz. Farfela mai fuka-fukai shida za ta buga a 288 Hz. Da 800 kana gani har kusa da 400 Hz. Farkon lalacewar boris kuwa yakan fara bayyana ne a dubban Hz, wannan sai sensa mai sauri fiye da taka.

Tambaya: Barka da aiki. Ina auna zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai da LM35 a kan Arduino Uno. Awon na tsalle daga 37.1 zuwa 37.6, ba ya taɓa tsayawa a tsakani. In ƙara saurin ɗauka?

Amsa: A'a Hajiya, sauri ba zai magance wannan ba. Zafin akwati a hankali yake sauyawa, awo ɗaya duk sakan goma ya wadatar. Matsalarki girman mataki ce. Abin da ke mai da wuta lamba a cikin Uno, wato ADC, mai bit 10 ne, yana raba 5 V gida 1,024, kowane gida 4.88 mV. LM35 kuma 10 mV take bayarwa a kan kowane digiri. Ke nan mataki ɗaya kusan rabin digiri ne: lamba 76 ita ce 37.1, lamba 77 ita ce 37.6, babu komai a tsakaninsu. Ga ƙwan kaza da ake so ya zauna wajen digiri 37.5, wannan ma'auni ya yi gwaɓi. Kuma dubi asarar: sensar ba ta kai ko 0.4 V ba, sama da kashi 90 cikin 100 na matakan suna zaune ba aiki.

Layi ɗaya a cikin `setup()` zai taimaka:

```
analogReference(INTERNAL);
```

Yanzu 1.1 V ake rabawa gida 1,024, mataki ya koma kusan 0.11 na digiri. Ki sauya 5.0 zuwa 1.1 a lissafinki, ki kuma watsar da awon farko bayan sauyin. Sai dai a kula, wannan 1.1 V na iya zama ko'ina tsakanin 1.0 da 1.2 dangane da allon, kuskuren da zai iya haura digiri uku a zafin ƙyanƙyasa. Dole ki gwada da ma'aunin zafi na asibiti a gefen sensar, a tsayin ƙwai, ki gyara lambar har su yi daidai. Ƙananan matakai ba sa nufin awon gaskiya ne, ita kanta LM35 tana iya kaucewa da kusan rabin digiri.

Aliyasin ma na shigowa nan ta bayan gida. Idan wayar sensar doguwa ce kuma ta bi gefen wayar hita ko fanka, takan kwaso 50 Hz na wutar gida. Da yake jefi-jefi kike ɗauka, sai ya bayyana kamar zafi na hawa yana sauka a hankali. Ki raba wayoyin, ki sa resisto 10 kΩ a kan layin awo da kapasita 1 µF daga ƙafar `A0` zuwa `GND`, wanda zai fara rage komai daga wajen 16 Hz. A manhaja kuma ki ɗauki awo 20, milisakan ɗaya tsakani, ki fitar da matsakaicinsu. Milisakan 20 zagaye ɗaya ne cif na 50 Hz, hawa da sauka sai su cinye juna.

Idan wayar ta wuce mita biyu ko uku, shawarata ki koma DS18B20. Tana mai da zafi lamba a cikin jikinta, matakinta 0.0625 na digiri a bit 12, kowane awo na ɗaukar ta milisakan 750, kuma tana buƙatar resisto 4.7 kΩ tsakanin layin bayanai da 5 V. Ita ma sai an gwada ta da ma'aunin asibitin kafin a zuba ƙwai.