Zan buɗe shago a unguwarmu: yaya zan sanar a Facebook har mutane su zo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Nan da mako biyu zan buɗe shagon kayan ɗinki a unguwarmu, amma hankalina a tashe yake. Na sa hoton sanarwa a Facebook, mutum bakwai kawai suka danna alamar so, biyu kuma suka tambaye ni wai ina shagon yake, alhali yana rubuce a hoton. Wani ya ce in biya shi ya kawo mini mabiya dubu goma, amma sai na ba shi lambar sirrina. In ba shi?

Amsa: Malama, Allah Ya sanya alheri a wannan sana'a. Kada ki ba shi kuɗi, kada kuma ki ba shi lambar sirri. Kafin in faɗi dalili, bari mu gyara sanarwar, domin mutum biyun da suka yi miki tambaya sun riga sun nuna miki inda matsalar take.

Kusan kowa a waya yake duba Facebook, kuma ƙananan rubutun da aka cunkusa cikin hoto ba ya karantuwa sai an tsaya an buɗe shi. Ba a iya kwafe shi kai tsaye, sannan idan wani ya sauke hoton ya tura wa wasu, daga baya kika canza ranar buɗewa, babu yadda za ki yi ki gyara wanda ya riga ya bazu. Saboda haka ki rubuta bayanin a jikin saƙon da kansa, inda Edit post zai ba ki damar gyarawa. Ki kuma tuna cewa Facebook yana yanke dogon rubutu bayan 'yan layukan farko ya sa See more, don haka abin da kike sayarwa, sunan unguwa da ranar buɗewa su ne za su zo a sama, doguwar gaisuwa da godiya su koma ƙasa.

Ga yadda zan tsara naki. Layin farko ya ce sabon shagon kayan ɗinki zai buɗe a unguwa kaza ranar Asabar, tare da kwanan wata a lamba, domin "gobe" ko "wannan Asabar" ba su da ma'ana ga wanda ya ga saƙon bayan kwana biyar. Sai kwatance irin wanda za ki yi wa baƙuwar da ba ta taɓa zuwa ba: "Daga babban shataletale a bi hanyar asibiti, a wuce gidan mai na farko, a shiga layi na biyu a hannun dama. Shago na uku ne, mai shuɗiyar ƙofa, daura da kantin magani." Ki tsaya a ƙofar shagon ki ɗauko mahaɗin wurin daga Google Maps ki haɗa, sannan ki ba wani da bai san wurin ba ya bi kwatancen ya gani ko zai kai shi. Hoton da za ki sa ya zama na gaban shagon da rana, an ɗauka daga tsallaken titi, yadda mai zuwa zai gane shi da ido. Lokaci kuma a faɗe shi ƙarara: Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, Lahadi a rufe. Idan kina rufewa na awa guda da rana, ki rubuta, domin wanda ya taho ya tarar da kwaɗo a ƙofa da wuya ya sake dawowa.

Dalilin zuwa shi ne inda yawancin sanarwa ke faɗuwa. "Kaya masu inganci a farashi mai rahusa" kowa yana faɗa, kuma ba ya tayar da kowa daga zaune. Ki faɗi abu guda da tela zai gani ya ce ya shafe shi: duk wanda ya zo da ƙyallen yadinsa za a nemo masa zare da zif masu launin da ya dace, kuma a makon farko za a wasa almakashi kyauta ga duk wanda ya sayi wani abu. Ki yi alkawarin da za ki iya cikawa kawai, ki kuma sa ranar da zai ƙare.

Yanzu ga mai sayar da mabiya, kuma a nan ne raina ke ɓaci, domin kusan kullum sai na gamu da wanda aka cuta ta wannan hanya. Mutane sun ɗauka cewa yawan mabiya shi ne yawan masu saye. Shagon unguwa ba haka yake ba. Wanda zai saya miki allura da maɓalli shi ne wanda zai iya tako ƙafarsa ya iso cikin minti goma ko sha biyar, kuma mutum ɗari biyu na layukan da ke kewaye da ke sun fi miki amfani fiye da dubu goman da ba a san inda suke ba. Waɗanda ake sayarwa galibi asusun bogi ne, ko na mutanen wasu ƙasashe da ba su san harshen da kike rubutu da shi ba. Ɓarnar ma ta wuce asarar kuɗi. Facebook ba ya nuna saƙon shafi ga dukkan mabiyansa, yana la'akari da yadda waɗanda suka gani suka karɓe shi. Idan shafinki ya cika da asusun da ba sa karantawa, ba sa tsokaci, saƙonki zai yi kama da wanda ba a damu da shi ba, sai maƙwabtanki na gaskiya su rage ganinsa. Alamar tana bayyana ƙarara: shafi mai mabiya dubu goma amma kowane saƙo mutum biyar ne ke taɓa shi, idan kuma aka shiga Insights, wato sashen alƙaluman shafin, aka duba garuruwan mabiyan, sai a ga wuraren da mai shagon bai taɓa jin sunansu ba. Ban da haka, sayen mabiya ya saɓa wa dokokin kamfanin, wanda yakan goge asusun bogi, har ya iya takura shafin.

Batun lambar sirri ya fi wannan muni. Babu wani aikin talla na gaskiya da ke buƙatar ta, ko lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya. Wanda ya samu waɗannan zai iya canza lambar waya da imel na asusun ya kore ki, sannan ya bi 'yan'uwanki da ƙawayenki yana neman kuɗi da sunanki, ko ya karɓi kuɗin kaya daga masu saye, ke kuma a biyo ki shago da rigima. Sunan mai sana'a ya fi kayan da ke kan kanta tsada, kuma waɗannan mutane ba su da tausayin wanda ya tara jarinsa da gumi. Haka nan ki guji masu ba ki shawarar rubuta "a yi so, a yaɗa, a kira sunan mutum goma", domin tun watan Disamba na 2017 Facebook ya sanar cewa yana rage yaɗuwar saƙonnin da ke roƙon irin wannan.

Abin da zai kai ki ga maƙwabta ya fi sauƙi. Ki buɗe shafin kasuwanci daban da asusunki, ki cike gurbin adireshi da na lokutan aiki, ki maƙale sanarwar a saman shafin. Ki nemi izinin masu kula da zaurukan unguwa da na teloli ki sa ta a can mako guda kafin buɗewa, ki maimaita ana gobe, sannan ranar da safe ki sa hoton shagon a buɗe da kaya a jere. Idan kina da ɗan abin kashewa, ki danna Boost post, wato tallan da ake biyan Facebook, da hannunki, ki sa alama a kan shagon a taswira, ki taƙaita da'irar zuwa kilomita biyu ko uku. A makon farko ki ajiye littafi a kan kanta, duk wanda ya shigo ki tambaye shi inda ya ji labari, ki rubuta. Wannan littafin ne zai nuna miki zauren da ya kawo mutane da wanda bai kawo ba, sai ki san inda za ki sa sanarwa ta gaba.