Bohol ɗaya, gida huɗu: yaya za a raba kuɗin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu magidanta huɗu ne a layi ɗaya a Kano, shekara biyu da suka wuce muka haɗa kuɗi daidai-wa-daida muka haƙa bohol. Duk wata kowane gida yana ba da naira 12,000 na man janareta. Gidana mu biyar ne, na biyu su takwas, na uku su bakwai. Gidan Alhaji kuwa mutum 18 ne, ga bijimai huɗu na kiwo, kuma a ƙofar gidansa rijiyar take. Yanzu samo, wato injin da ke turo ruwa daga ƙasan rijiyar, ya ƙone, an ce mu sake raba kuɗinsa gida huɗu. Ina jin ana ƙwarata, amma ba na son in ɓata da maƙwabci. Mu sayi mita ne, ko akwai wata hanya? Daga wani magidanci, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana ƙwararka, amma a wuri biyu ne cikin uku, kuma ina kyautata zaton Alhaji bai taɓa zama ya yi lissafin ba. Abin da ya rikita ku shi ne kun zuba kuɗi iri uku a tukunya ɗaya kuna kiransu kuɗin bohol.

Na farko kuɗin haƙa ne da ƙarfen da aka ɗora tanki a kai da tankin kansa. Wannan kuɗin mallaka ne. Kowa ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu, kowa yana da kashi ɗaya cikin huɗu na rijiyar, ko ya sha ruwan ko ya yi tafiya ya kulle gida. Kada ka taɓa wannan, kuma idan gobe tanki ya tsage saboda rana, a raba shi daidai, don tanki bai san wanda ya fi ɗiba ba. Na biyu kuɗin tayar da ruwa ne, wato fetur da baƙin mai. Na uku kuɗin lalacewar samo, wanda awannin aiki ke cinye shi. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suke bin yawan ruwan da aka sha, su ne kuma ya kamata kowa ya biya gwargwadon cikinsa.

Kafin ka kashe ko sisi a kan mita, yi wannan gwajin da zarar an saka sabon samo. Ka kwance bututun da ke zuba ruwa a tanki, a can sama inda yake shiga, ka tara jarka mai lita 25, ka duba agogon wayarka. A ce ta cika a daƙiƙa 45. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, jarka 80 ke nan, wato lita 2,000 a awa. Sai ku rataye littafi kusa da janareta, duk wanda ya tayar ya rubuta lokacin da ya kunna da lokacin da ya kashe. Idan wata ya ƙare kuka tarar an yi awa 40, to layinku ya sha lita 80,000, kuma naira 48,000 ɗin da kuke haɗawa ita ta tayar da su. Kowace lita 1,000 ta tashi a naira 600, jarka ɗaya naira 15. Ka kwatanta wannan da abin da ɗan garuwa yake karɓa a unguwarku, za ka ga ko a yanzu ba wanda ya yi asara a cikinku. Da wannan maganar za ka fara idan kun zauna, tana sanyaya zuciya.

Saura sanin wa ya sha nawa. Shawarata ku sayi mita, gida ɗaya mita ɗaya, matuƙar kowane gida yana da bututunsa daga tanki. Ƙaramar mitar ruwa ce ta rabin inci ko uku bisa huɗu, ana samun ta wurin masu sayar da kayan famfo, kuma duk mai aikin famfo zai ɗaura ta a yini ɗaya. A fuskarta akwai baƙaƙen lambobi, kusa da su an rubuta m³. Kowane ɗaya da ya ƙaru a baƙaƙen nan lita 1,000 ce, jarka 40. Jajayen lambobin da ƙananan allurai ɓurɓushi ne, ku bar su. A jera mitocin huɗu wuri ɗaya a gindin tanki, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, kada a saka kowacce a cikin gidan mai ita. Ranar ɗaya ga wata mutum biyu daga gida biyu su buɗe, su ɗauki hoto da waya, a rubuta a littafi.

Bari in ɗora misali a kan gidajenku, lambobin nawa ne, mita ce za ta ba ku na gaskiya. A ce gidanka ya sha 9, na biyu 14, na uku 12, gidan Alhaji 45, jimilla 80. A kan naira 48,000 ta fetur sai ku ƙara 16,000, a ce 6,000 ta baƙin mai da duba janareta, 10,000 ta asusun samo. Naira 64,000 ke nan, an raba da 80, kowace lita 1,000 ta zama naira 800. Kai za ka biya 7,200, na biyu 11,200, na uku 9,600, Alhaji 36,000. Ka lura da gida na biyu da na uku: abin da ya ragar musu kaɗan ne a kan 12,000 da suka saba, amma yanzu har da ajiyar samo a ciki. Wanda zai ji a jikinsa Alhaji ne, kuɗinsa ya ninka uku. Don haka kada ka kai masa lambar nan a gaban jama'a, ka same shi shi kaɗai tukuna.

Asusun samon nan ya fi komai muhimmanci a tsarin. Naira 10,000 a wata, cikin shekara biyu ta zama 240,000. Ko ba ta sayi sabo cif ba, ranar da ya sake ƙonewa ba za a bi gida-gida ana roƙo ba, kuma wanda ya fi gajiyar da samon shi ya fi zuba kuɗi a ciki tun kafin ya mutu, ba tare da an yi masa gori ba. A ajiye kuɗin a hannun wanda ba shi ke sayen mai ba.

Mita tana da nata halin, gara ka sani tun yanzu. Ruwan bohol yana zuwa da yashi, yashi kuma yana tsayar da ɗan fankan da ke cikinta, don haka a saka matata kafin ruwan ya iso ta. Idan ka ga gidan da ke shan 12 ya koma 3 alhali ba su yi tafiya ba, kada a zargi kowa, a kwance mitar a wanke. Sannan ruwan da ke saukowa daga tanki ba shi da ƙarfi sosai, famfon da ke ɗiga a hankali yakan wuce ba ta ƙirga shi ba. Idan kuma tanki ya ƙare, iskar da ke cikin bututu tana iya juya ta ta ƙirga ruwan da ba a sha ba. Gwajinta mai sauƙi ne: a rufe duk famfunan gida, a cika jarka huɗu, a ga ko ta nuna lita 100. A nan ne kaɗai jajayen lambobin suke da amfani. Littafin janareta ma kada ku jefar da shi. Idan awanni sun ce an tayar da lita 80,000 amma mitoci huɗu sun haɗu a 65,000, to akwai bututun da ya fashe a ƙasa, ko tanki yana ambaliya ba a kashe ba, kuna ƙona fetur kuna shayar da ƙasa.

Idan kuwa famfo ɗaya ne a waje kowa ke ɗiba da bokiti, mita ba za ta yi muku aiki ba. Sai a ƙirga kai. Kowane mutum kaso ɗaya, yaro da babba, don wankin jariri ya fi na dattijo cin ruwa. Bijimi shi ma kaso ɗaya, tunda a bazara yakan sha lita 40 ko fiye a yini. Kasonku 38 na mutane da 4 na bijimai, 42 ke nan. Naira 64,000 a raba da 42 ta ba da kusan 1,520, kai ka biya kimanin 7,600, Alhaji kimanin 33,500. Ka ga bai yi nisa da lissafin mita ba. Illarsa ita ce musu ba ya ƙarewa: baƙi sun zo biki, an ƙaro tumaki, uwargida ta fara sayar da ƙanƙara da zoɓo, wani yana wanke mota kullum. Mita ba ta shiga cikin gidan kowa ta ƙirga masa iyali, abin da ya sa na fi son ta ke nan.

Samon da ya ƙone yanzu fa? Ra'ayina ka biya kasonka daidai da kowa wannan karon. Ba ku da ma'auni a shekara biyun da suka wuce, duk lissafin da za ka kawo na baya zato ne, kuma daga ranar da ka ce wa Alhaji yana da bashinka, maganar mita ta mutu. Ka biya, da sharaɗin sabon tsari ya fara daga watan da aka saka sabon samo. Ku kuma tambayi mai gyara abin da ya kashe wancan. Yawancin ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana tsattsafowa ne ta tsagogi, kuma daga Maris zuwa Mayu yakan ja baya. Samo da ruwa yake sanyaya jikinsa, idan aka bar shi yana aiki rijiya ta ƙafe sai ya ƙone. Alamarsa ruwa ya riƙa fita yana tsartuwa da iska, ko jarkar da ke cika a daƙiƙa 45 ta koma minti biyu. Idan haka ne, a saka masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa, kuma a riƙa tayarwa safe da yamma a bar rijiya ta huta. Ƙaramin janaretan da ke nishi idan samo ya tashi shi ma yana kashe shi.

Akwai abin da ka faɗa a gurguje wanda ya fi kuɗin mai damuna, wato cewa rijiyar a ƙofar Alhaji take. Yau kuna zaman mutunci, amma gida ana sayar da shi, ana kuma raba shi gado. Ku rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu cewa bohol ɗin na gida huɗu ne, da yadda ake raba kowane irin kuɗi, da abin da za a yi wa wanda ya yi wata biyu bai biya ba, da yadda wanda zai tashi zai sayar da kasonsa. Tunda Alhaji ne ya ba da fili, kuma ƙofarsa ce take shan ƙarar janareta da caɓi, ku rage masa wani abu a wata, ko lita 3,000 ce a cire daga lissafinsa. A misalinmu naira 2,400 ce, ku ukun kowa ya ƙara 800. Ka fara faɗa masa wannan ragin kafin ka nuna masa 36,000.