Kotu ta ce a riƙa cire bashi daga albashina: nawa zai rage mini?

Tambaya daga Garwa: Ina aiki a wani kamfani. Wani ɗan kasuwa yana bina sefa 400,000, kotu ta ba shi gaskiya. Albashina bayan haraji da kuɗin asusun fansho na CNPS sefa 99,000 ne, amma wannan watan an cire mini 33,000, wai kashi ɗaya cikin uku doka ta ce. Haka ne?

Malam, ba haka ba ne, an cire maka fiye da ƙima. Wannan zance na kashi ɗaya cikin uku ya bazu a bakin mutane, har masu lissafin albashi kan ɗauke shi doka, alhali dokar Kamaru ta 9 ga Mayu 1994 kan cire kuɗi daga albashi hawa-hawa ta tsara abin.

Ana lissafi ne a kan abin da ya rage bayan haraji da sauran cirewar dole, kuma alawus ɗin iyali ba ya shiga ciki. A sefa 18,750 na farko ana ɗaukar ɗaya cikin goma, wato 1,875. Daga nan zuwa 37,500 ɗaya cikin biyar ne, 3,750. Daga 37,500 zuwa 75,000 ɗaya cikin huɗu, 9,375. Ka ga dubu 75 na farko 15,000 kawai za su bayar. Ɗaya cikin ukun da aka faɗa maka yana hawa ne kan abin da ya haura 75,000 zuwa 112,500, kai kuwa 24,000 gare ka a wannan hawa, sai a ɗauki 8,000. Jimla 23,000, ka koma gida da 76,000. Dubu goman nan da aka ƙara haƙƙin iyalinka ne, kuma a gidan mai albashi irin naka ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ka fara da neman ganin takardar da akawun kotu ya aika wa kamfanin. A tsarin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, hukunci kaɗai bai isa a taɓa albashi ba, sai an kira ka zaman sulhu a kotun garin da kake zaune, sannan akawu ya sanar da kamfanin da kake wa aiki, shi kuma ya riƙa kai wa kotu kuɗin da ya cire duk wata. In takardar daga hannun mai bin bashin ta fito kai tsaye, ko ba a taɓa aiko maka sammacin sulhu ba, kana da hujjar ƙalubalantar cirewar baki ɗaya.

In kuwa an bi hanya, lissafin ne kawai ya karkace, rubuta wa kamfanin wannan lissafi, ka riƙe kwafi. Suka ƙi gyarawa, kai koke wannan kotun tare da takardun albashinka. Ko wani mai bin bashi na biyu ya ɓullo, a cikin 23,000 ɗin nan za su raba. Kuɗin ciyar da 'ya'ya ne ke da nasa tsarin daban, don haka in akwai irin wannan hukunci a kanka, ka nuna wa lauya shi kafin ka shigar da koken.