Yadda za a guje wa buɗe wa majiyyaci fayil biyu

"Sabon magatakarda ne ni a asibitin unguwa, kuma ina yawan ganin majiyyaci ɗaya da fayil biyu a kwamfuta. Yaya zan kauce wa wannan?"

Malam, kada ka taɓa danna maɓallin buɗe sabon fayil sai ka fara bincike. Ka nemi mutum da lambar katinsa tukuna, idan ya manta katin a gida ka gwada lambar waya, sannan ka rubuta harufa uku na farkon sunansa kawai. Idan ya bayyana, ka tabbatar da sunan mahaifi da unguwa da shekarun haihuwa, sannan ka shigar da zuwan na yau a ƙarƙashin tsohuwar lambarsa, domin lamba ɗaya ce ga mutum, komai yawan zuwansa.

Dalilin taƙaita harufan shi ne sunayenmu ba su da rubutu ɗaya: na taɓa samun mace guda a matsayin Hadiza, Hadizatu da Khadija, kuma bayanin maganin da jikinta ba ya karɓa yana cikin fayil ɗaya kaɗai. Idan ka tarar da irin wannan, kada ka goge ko ɗaya da kanka. Ka rubuta lambobin, ka kai wa shugaban sashen ajiye bayanai ya haɗe su.