Alamu uku a zanen injiniya

"Na fara aikin zane, amma alamun ⏥, ⌖ da ⟂ suna rikita ni. Mene ne bambancinsu?"

A ɗauki farantin ƙarfe mai rami ɗaya. Alamar ⏥ da 0.05 tana nufin fuskar farantin za ta kwanta tsakanin shimfiɗaɗɗun filaye biyu masu tazarar milimita 0.05, kuma ba a haɗa ta da harafin madogara, wato fuska ko layin da ake yin awo daga gare shi; haɗa su kuskure ne. Ita ⟂ dole ta ambaci madogara, misali A, domin tsayuwa a kusurwar digiri 90 sai an ce a kan me. Alamar ⌖ da ⌀0.2 tana tsare tsakiyar ramin cikin silinda mai faɗin 0.2, wato kaucewar 0.1 kawai daga ainihin wurinsa. Adadin kuwa, injiniyan da ya tsara kayan ne zai yanke shi.